Ban sauka daga adaidaita ba, laifina ɗaya da nasu?

Assalamu alaikum Barista. Ni matashi ne ɗan shekara 24, ina tuƙa adaidaita sahu a cikin birnin Kano, ta wata Hajiya ce, kullum ina kai mata balas. Watan jiya wasu abokaina biyu na unguwa suka ɗauke ni shata bayan magariba, suka ce in jira su a bakin wani layi. Sai ga su a guje, suka ce in ja. Sai da muka yi nisa na ga wayoyi uku a hannunsu, na gane ƙwace suka yi. Suka ba ni dubu biyar, ɗayansu ya ce idan na buɗe baki na san sauran. Bayan mako biyu suka sake nemana. Na ga wuƙa a ƙugun ɗaya, amma balas na kwana huɗu ya taru a kaina, sai na bi su. Na jira su ban kashe inji ba, ban kuma sauka ba. Washegari na ji an soki wani magidanci a wurin, yana asibiti. Sun ba ni dubu goma da waya ɗaya, tana ƙarƙashin katifata. Shekaranjiya aka kama ɗayansu. Wallahi ban taɓa kowa ba. Laifina ɗaya da nasu? In jefa wayar a kududdufi in tafi Legas, ko yaya zan yi? An sa ranar aurena bayan Babbar Sallah, mahaifina bai san komai ba.

Wa alaikumus salam ƙanena. Na san ba ka samun barci a kwanakin nan, kuma na yarda da rantsuwarka cewa hannunka bai taɓa kowa ba. Amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata, kuma ka fi buƙatar ta yau fiye da lallashi. Doka ba ta auna direba da ko ya sauka ko bai sauka ba. Abin da take tambaya shi ne: me ya sani, kuma yaushe ya sani? Da wannan ma'auni, fitarku ta farko da ta biyu ba ɗaya ba ne ko kaɗan.

Mu fara da ta farko. Mai adaidaita yana ɗaukar mutane da yawa a yini, bai san abin da ke aljihun kowa ba, balle abin da ke zuciyarsa. Wanda aka ɗauka shata, ya kai mutane wuri, ya jira su da zuciya ɗaya, ba ya zama mai laifi don kawai fasinjojinsa sun aikata ɓarna. Kotunan ƙasar nan sun sha nanata cewa samun mutum a wurin da aka yi laifi bai isa a kama shi da laifin ba, sai an nuna yana da hannu. Sashe na 83 na dokar Final Kod, wadda Arewa ke aiki da ita tun 1960, ya bayyana mai taimaka wa laifi da cewa shi ne wanda ya zuga, ko ya shiga haɗin baki, ko ya taimaka da gangan. Kalmar nan "da gangan" ita ce garkuwarka a daren farko. Lokacin da kake jira, ba ka san komai ba.

Ko a nan ma akwai ɗan tabo, domin laifin ƙwace ba ya ƙarewa a daidai lokacin da waya ta bar hannun mai ita. Gudu da kayan shi ma ɓangare ne na aikin. Da ace ka ga wayoyin tun suna shiga, ana ihun ɓarawo a bayansu, ka murɗa wuta, mai gabatar da ƙara zai ce saninka ya zo ne laifin yana gudana. Kai kuwa sai da aka yi nisa ka gane. Daga nan abin da za a iya tuhumarka da shi ya fi kusa da rufa wa mai laifi asiri, wanda sashe na 167 ya yi magana a kai, kuma shi laifi ne mai zaman kansa, hukuncinsa bai kai na fashi ba. Da a nan labarin ya tsaya, da na ce maka ka kwantar da hankalinka, lauya mai himma zai iya fitar da kai.

Fita ta biyu ce matsalar. Ranar ka san sana'arsu, ka ga wuƙa, ka kai su, ka bar inji a kunne. Ka yi tunani a kan abin da barin inji a kunne yake nufi. Mai ƙwacen waya ba ya tsoron wanda zai ƙwace wa kamar yadda yake tsoron jama'ar da za su taru a kansa cikin minti ɗaya. Abin da ke ba shi ƙarfin zuciyar zare wuƙa a kan titi shi ne ya san akwai abin hawa yana jiransa taku ashirin daga wurin. Idan babu kai, watakila ba za su fita ba ma. Shi ya sa sashe na 79 ya ce idan mutane da yawa suka aikata laifi don cika manufa guda da suka haɗu a kanta, kowannensu yana ɗaukar alhakin aikin kamar shi kaɗai ya yi shi. Ba a buƙatar a nuna kun zauna kun tsara ko kun yi rantsuwa. Alƙali yana gano haɗuwar manufa daga abin da kowa ya yi: wane ne ya kawo su, wane ne ya jira, wane ne ya kwashe su, wane ne ya karɓi rabo. Sashe na 85 kuma ya ce mai taimako, idan an aikata laifin sakamakon taimakonsa, hukuncinsa shi ne hukuncin laifin kansa, sashe na 90 ya ƙara da cewa idan yana wurin lokacin da aka yi, ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya aikata. Wanda ke bakin layi yana jiran ya kwashe su, a idon doka yana wurin.

Akwai wata doka da ta fi wannan tsanani, dole ka san da ita. Ita ce dokar tarayya ta fashi da makami, wadda ta samo asali daga dokar soja ta 1984. Ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba ga wanda ya yi fashi, ta kuma tanadi kisa idan yana ɗauke da bindiga ko wani makami, ko yana tare da mai makami, ko an ji wa wani rauni. Wuƙa makami ce a wannan doka. Sashe na 6 nata ya ce wanda ya taimaka, ko ya ba da shawara, ko ya haɗa baki, ko yana wurin ko ba ya nan, ana ɗaukarsa tamkar babban mai laifin. Mutane da yawa a Kano suna ganin ƙwacen waya ƙaramar sata ce ta yara, alhali da zarar an nuna wuƙa ko ɗanbida sunansa ya koma fashi da makami. Ban faɗa maka wannan don in karya maka zuciya ba. Ba kowace shari'ar ƙwace ake kai wa ƙarƙashin wannan doka ba, ana iya gurfanar da mutum da Final Kod, ko a kotun shari'ar Musulunci da dokar jihar ta 2000, kuma zaɓin tuhumar da za a yi yana hannun ma'aikatar shari'a bayan ta karanta fayil. A wannan gaɓar ce abin da za ka yi a makon nan zai iya yin tasiri.

Za ka ce ai kai ba ka yarda a soki kowa ba, waya kawai ka san za a karɓa. Wannan magana tana da wuri a shari'a, amma wurin ƙunci ne. Sashe na 87 ya ce idan ka taimaka a kan wani aiki, sai aka aikata wani daban, kana ɗaukar alhakin na biyun muddin shi sakamako ne da ake tsammanin zai iya biyo bayan na farkon. Da ace bayan ƙwacen ɗayansu ya hango wani tsohon abokin gabarsa a can gefe ya je ya soke shi don wata tsohuwar gaba, wannan nasa ne shi kaɗai, bai shafi abin da ya fito da ku ba. Amma sukar mai waya don ya ƙi sakin wayarsa, ai don haka aka ɗauko wuƙar. Kai kuma ka gan ta. Saboda haka ka dage da yi wa magidancin nan addu'ar samun lafiya, don hakkinsa da na iyalinsa da farko, sannan don kanka, domin idan rai ya yi halinsa tuhumar za ta koma ta kisan kai a ƙarƙashin sashe na 221, kuma sashe na 79 zai jawo ku duka uku cikinta.

Barazanar da aka yi maka fa? Na san tsoron 'yan daba ba wasa ba ne ga wanda ke kwana unguwa ɗaya da su. Sai dai uzurin tilas da sashe na 57 ya yarda da shi shi ne wanda mutum ya ga mutuwa nan take idan ya ƙi, kamar a ɗora maka wuƙa a wuya a ce ja mu tafi. Sashen ma ya cire kisan kai daga abin da tilas ke wankewa, ya kuma cire wanda ya kai kansa cikin halin da son ransa. Tsakanin maganar da aka faɗa maka da fita ta biyu akwai mako biyu, kana gida, kana iya gaya wa mahaifinka ko mai unguwa. Kuma da bakinka ka ce balas ne ya kai ka. Barazanar da bashin duka lauya zai iya kawo su wajen roƙon sassauci, amma ba su wanke laifi.

Kada ka ɗauka wannan tsaurin na dokar Bature ne kawai. A fiƙihun Malikiyya da muka tashi a kai, wanda ya tsaya wa 'yan fashi gadi ko ya zame musu majingina hukuncinsa ɗaya da wanda ya zare makami. Duk wanda ya yi karatun Risala a zaure ya wuce wurin da aka ce ana kashe jama'a saboda mutum ɗaya a fashi ko da ɗayansu ne ya yi kisan, da wurin da aka ce kowane ɗaya daga cikin ɓarayin yana lamunin dukan abin da suka ƙwace. Imam Shafi'i ne ya saɓa, ya ce mai taimako horo za a yi masa, ba haddi ba. Amma a Suratul Ma'ida, ayar da ta biyo bayan ayar hukuncin fashi, wato ta 34, ta keɓe waɗanda suka tuba tun kafin a kama su. Malamai suka ce wannan tuba tana kayar da haddi, hakkin mutane kuwa yana nan sai an biya. Kada ka fahimce ni ba daidai ba: Babbar Kotu mai aiki da dokar tarayya ba ta da wannan ƙa'ida, miƙa kanka ga hukuma ba ya goge tuhuma a can. Na kawo ayar ne don ka ga cewa a wajen Ubangijinka akwai bambanci babba tsakanin wanda ya zo da ƙafarsa da wanda aka jawo.

Batun Legas, ka cire shi daga ranka. Wanda aka kama ya san sunanka da gidanku, adaidaitar kuma tana da lamba a jikinta da sunan mai ita a rajista. Idan ka ɓace, ƙofar Hajiya za a fara ƙwanƙwasawa, sai ta mahaifinka. Gaskiya ne dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, amma zirga-zirgar caji ofis da tsare abin hawa a matsayin shaida sun isa su wahalar da mutanen da ba su ci ba su sha ba. Sannan laifin fashi ba ya tsufa, ko bayan shekara goma ka dawo fayil yana nan. Mafi muni, gudu zai bar abokanka su ba da labarin yadda suka ga dama, kuma wanda ba ya nan shi ake ɗora wa komai. Za ka wayi gari kai ne shugaba, kai ne mai wuƙar.

Wayar ma kada ka jefar, kada ka sayar, kada ka kunna ta, kada ka sa layinka a ciki. Riƙe ta da sanin ta sata ce laifi ne a sashe na 317, kuma dokar shaida ta 2011 ta ba alƙali damar ɗaukar wanda aka samu da kayan sata jim kaɗan bayan satar a matsayin ɓarawon ko mai karɓar kayan, sai in ya yi bayani mai gamsarwa. Jefa ta a kududdufi kuwa ɓatar da shaida ne, ƙarin laifi a kan laifi, kuma ka salwantar da dukiyar bawan Allah da ke kwance a asibiti. Hanyar fitarta daga ɗakinka ɗaya ce: ka gaya wa lauya tana nan, shi zai tsara yadda za a miƙa ta ga hukuma a rubuce. Haka kuma kada ka kira abokinku da bai shiga hannu ba, kada ka goge saƙo, kada ka aika wa na tsare da magana ta bakin kowa. Duk wannan ana karanta shi a matsayin shirya baki.

Abin da za ka fara yi, yau ba gobe ba, shi ne ka sami mahaifinka bayan sallar isha ku keɓe. Na san wannan ya fi maka zuwa caji ofis nauyi. Amma gara ya ji daga bakinka da ya ji daga motar 'yan sanda a ƙofar gida da asuba, maƙwabta suna leƙe. Idan ba za ka iya fuskantarsa kai kaɗai ba, ka tafi da kawunka ko babban wanka. Da safe ku nemi lauya wanda ya saba da shari'ar manyan laifuka, ba mai rubuta takardar fili ba. Idan babu hali, Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta tarayya tana da ofis a Kano, kuma an kafa ta ne don wanda ba shi da kuɗin lauya. Ka gaya wa lauyan komai yadda ka gaya mini, har wuƙar, har dubu goman. Abin da ka faɗa masa amana ce da doka ta kare, kuma lauyan da aka ɓoye wa rabin labari a gaban alƙali yake jin sauran.

Daga nan hanya biyu ce a gabanku. Kana iya zama a gida ka yi shiru ka jira, domin doka ba ta tilasta wa kowa ya kai ƙarar kansa, kuma nauyin tabbatar da laifi ba tare da kokwanto ba yana kan mai gabatar da ƙara. Akwai ma ƙa'idar da ke cewa furucin da abokin tuhuma ya yi wa 'yan sanda shaida ce a kansa shi kaɗai, ba a kanka ba, sai in ka amince da shi. To amma kada wannan ya ruɗe ka. Idan ya shiga akwatin shaida ya rantse ya ambace ka, maganarsa ta zama shaida, alƙali zai yi taka-tsantsan da ita kawai, ya nemi abin da zai ƙarfafa ta. Kiran wayar da ke tsakaninku a daren, da wanda ya ga lambar adaidaita, da wayar da ke ƙarƙashin katifa, kowanne ya isa ƙarfafawa.

Ni dai shawarata ita ce ta biyu: ka je da kanka, lauya yana gefenka, da wayar. Ba zan yi maka alkawarin za ka kwana a gida ranar ba. Mai yiwuwa a tsare ka, a kai ka gaban majistare, a aika ka gidan gyaran hali kafin shawarar ma'aikatar shari'a ta fito, kuma idan tuhumar fashi da makami ce, beli sai Babbar Kotu, shi ma da wuya. Amma wanda ya kai kansa, ya mayar da kaya, ba a taɓa kama shi da laifi ba, ba shi ya riƙe makami ba, shi ne wanda lauya ke da abin faɗa a kansa. Zai iya neman a sassauta tuhumar zuwa mai sauƙi a madadin amsa laifi, ko a mai da kai shaidar gwamnati. Tsarin mulki na 1999, a sashe na 211, ya ba Antoni Janar na jiha ikon shigar da ƙara da janye ta, don haka ƙofar tana nan, ko da yake ba hakkinka ba ne a buɗe maka ita. Idan maganar ba da shaida ta taso, ka gaya wa lauya barazanar da aka yi maka tun da wuri, don a yi tunanin tsaron gidanku.

A caji ofis ka riƙe abu biyu. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ba ka ikon yin shiru har sai ka gana da lauya ko wani da ka zaɓa. Kuma kada ka sa hannu ko ka dangwala a takardar da ba a karanta maka ita da Hausa ka fahimta ba. Na ga shari'o'i da yawa da babu wata shaida a cikinsu sai takarda ɗaya da yaro ya dangwala wa yatsa cikin firgici. Wajen bayani, bambancin "na san za su yi ƙwace" da "mun shirya za mu yi ƙwace" yana da girma, kuma mai rubutawa ba lallai ya damu da shi ba. Ka faɗi gaskiya, amma ka tabbata abin da ka faɗa shi aka rubuta.

Magidancin da aka soka yana da hakki a kanka wanda ba ya jiran hukuncin kotu. Ya kamata iyalinka su taimaka da kuɗin magani gwargwadon hali, su nemi afuwarsa. Sai dai kada kowa ya je asibiti yanzu da kuɗi a hannu, za a iya fassara shi da neman toshe bakin mai shaida. A bari lauya ya faɗi lokaci, a je ta hannun dattawa, a fili. Ku kuma sani yafewarsa ba ta rufe shari'ar fashi, domin ƙarar ta gwamnati ce, amma alƙali yana jin ta wajen yanke hukunci. Hajiya mai adaidaita ita ma a sanar da ita kafin ta ji a gari. Muddin ba ta san abin da ake yi da abin hawanta ba babu laifi a kanta, amma za a iya riƙe shi na wani lokaci, kuma ta cancanci ta shirya.

Maganar aure kuwa, ka bar wa manya. Mahaifinka ya aika wa waliyyin yarinyar cewa wata matsala ta taso, ana neman a ɗaga rana, kuma idan ka shiga hannu a gaya musu gaskiyar abin da ya faru. Kada a ɗaura mata aure a kan abin da aka ɓoye mata. Ko za ta jira ko ba za ta jira ba, ita da iyayenta ne za su yanke, kuma kada ka riƙe su a zuciya idan suka janye.

Idan ka ga lauyan, ka tafi masa da ranakun fita biyun a rubuce, da lokacin da suka kira ka kowace rana, da sunan duk wanda ya ji barazanar da aka yi maka ko ka ba shi labarinta a lokacin. Allah ya ba magidancin nan lafiya, ya sassauta maka, ya ba mahaifinka haƙurin jin abin da za ka gaya masa a daren nan.